Kafin yaro ya ce "Oga na gama": me da me ya kamata a duba a aikin sola?

Sola_Dorayi: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema don Allah. Sati uku da suka wuce na tura yarana biyu wani gida su haɗa inbata 5kVA mai 48V, batirin lithiyam ɗaya 51.2V 100Ah da fanel 550W guda shida. Wajen la'asar suka kira ni wai Oga an gama, suka turo hoto allon inbata na nuna 230V, fitilu sun kama fanka na juyawa, ni kuma na rubuta a littafi an gama na karɓi cikon kuɗina. Shekaranjiya da daddare mai gidan ya kira ni hankali a tashe wai warin roba ya cika ɗakin da batir yake. Da na je na tarar robar lag ɗin jar waya, wato bakin ƙarfen da ake ɗaure waya da shi a kan batir, ta narke ta manne a kan batir, notin ya yi baƙi ƙirin, da yatsa biyu na juya shi ya kwance, kuma sai na ga an sa washa a ƙarƙashin lag maimakon a samansa. Allah ne ya kiyaye don ɗakin a jikin na yara yake. Ba zagin yaran na zo yi ba, ni na amince da hoto na ce an gama. Abin da nake so mu haɗu mu fitar da ceklis, takarda ɗaya tak, wadda sai an cika ta kafin a ce aiki ya ƙare. Me da me kuke ganin dole ya shiga ciki?

Mai_Waya_Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa Oga. Ni dai nawa guda uku ne ba na ƙetare su, a auna ja da baƙi da mita kafin a jona, a ja kowace waya da hannu a ji ko za ta zame, sannan a kunna a ga babu lambar kuskure a allo. In ukun nan sun yi to aiki ya yi.

Baba_Injiniya: Mai_Waya biyun farko na yarda da kai, na ukun ne nake da magana. Inbata ba ta san noti ya yi sako-sako ba, za ta nuna maka 230V lafiya lau har ranar da roba za ta narke. Ku duba abin da ya faru a gidan da Sola_Dorayi ya faɗa. Washa ƙarfe ce, ba ta wuce wuta kamar tagulla, ga noti bai ɗauru ba, mu ƙaddara wurin ya samu turjiya ta 0.01 ohm kawai. Lokacin da yaran suka gwada fitilu ne da fanka, abin da batir ke bayarwa bai wuce 5A ba, zafin da zai taru a wurin 5 sau 5 sau 0.01, wato kwata na wat ɗaya, ko ka ɗora yatsa ba za ka ji komai ba. Ranar da uwargida ta kunna dutsen guga da butar lantarki ga firiza na aiki, batir ya koma ba da 60A, lissafi ya zama 60 sau 60 sau 0.01, wat 36 ke nan a wuri ɗan ƙarami kamar kwabo. Ƙarfen soda da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi wat 30 zuwa 40 ne. To shi aka ɗora a kan batirin kullum, kuma duk ɗumin da ya yi ya huce notin ƙara saki yake, wurin ya ƙara yin baƙi, turjiya ta ƙaru. Shi ya sa sai da aka yi sati uku. Saboda haka abu na farko a takardarka, ba a cewa an gama sai an ɗora wa aikin lodi na gaske.

Sola_Dorayi: Baba Allah ya ƙara lafiya, wlh kamar kana wurin, matar gidan ta ce guga take yi warin ya taso. To lodin nawa za a ɗora kuma minti nawa?

Baba_Injiniya: Ni abin da nake yi a kan 5kVA, in ɗora kamar wat 2500 zuwa 3000, dutsen guga da buta da abin da ke gidan sun isa, in bar shi minti 20 zuwa 30. Yana cikin aiki sai a sa mita a kan batir a rubuta abin da ta nuna, a sa a bakin inbata inda wayar batir ta shiga a rubuta. In wayarka 35mm ce kuma gajera, mita ɗaya da rabi zuwa da dawowa, bambancin bai kamata ya wuce 0.2V ko 0.3V ba har da bireka a tsakani. Ka ga 0.5V ko fiye to akwai inda wuta ke maƙalewa, sai ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da mita har ka kama ta. Bayan nan ka ɗora bayan yatsa a kan robar kowane lag. Duk su yi ɗumi iri ɗaya ba komai, amma ɗaya ya fi 'yan uwansa zafi to shi ne mai laifin. A cire agogo da zobe kafin a kusanci batir, kuma wannan taɓawar ta ɓangaren batir ce kawai, ɓangaren fanel ba a kai hannu.

Auta_Sola: Baba a yi min afuwa in ƙara abu ɗaya don ya taɓa cin mu. In da rana ake gwajin dole a kashe birekar fanel a kashe ta NEPA tukuna. Mun taɓa ɗora lodi ƙarfe ɗaya na rana muka jira rabin awa muka taɓa waya sanyi ƙalau muka tafi muna murna, ashe fanel ne ke ɗauke da lodin gaba ɗaya, wayar batir ko 10A ba ta gani ba. Sai da dare ya yi matsalar ta fito.

Baba_Injiniya: Madalla Auta, Allah ya yi maka albarka, na manta ban faɗa ba. Sola_Dorayi ka rubuta shi a layin da kansa, gwajin lodi a kan batir kaɗai.

Abban_Sadik: Salam. Ni ma nawa batirin ƙarfe biyu na dare yake mutuwa, tubula ne guda huɗu 220Ah shekararsu ɗaya da wata uku. Wane batir ya kamata in saya don Allah, lithiyam ɗin nan yana da kyau kuwa ko shi ne yake narkewa?

Mai_Waya_Zariya: Abban Sadik ba batirin ne ya narke ba, mahaɗar waya ce ba a ɗaure da kyau ba. Maganarka ta daban ce, amma kafin ka sayi komai ka sa a duba ruwan batiran da setin cajin inbatarka, ka buɗe wata tambaya daban za a ba ka amsa in sha Allah.

Sifana_Goma: Ni gsky ban ga abin dogon lissafi ba. Matsalar noti ce, maganinta a ɗaure noti. Yarana na gaya musu ka ɗaure har sai ya ƙi motsi sannan ka ƙara masa rabin juyi. Shekara shida ban taɓa samun narkewa ba.

Hajiya_Ofis: Malam Sifana ni ba na hawa rufi, ni ke riƙe da takardu da waranti a shagonmu, amma batir biyu aka taɓa dawo mana da su a wata ɗaya saboda wannan ƙarin rabin juyin. Ɗaya zaren notin ya cinye yana ta juyawa a banza, ɗaya kuma kan batirin ne ya tsage daga ciki. Masu kaya suka ƙi karɓa suka ce hannu ne ya ɓata ba daga kamfani ba ne, mu muka biya. Tun daga nan aka sayo sifana mai awo, takardar kowane batir tana faɗin iya ƙarfin da za a ɗaure shi.

Sifana_Goma: Hajiya hannu hannu ne, wanda ya saba ya san inda zai tsaya. Sifana mai awo nawa take yanzu, mutum mai yara huɗu a wurare uku guda nawa zai saya?

Baba_Injiniya: Kowannenku da gaskiyarsa. Sifana_Goma hannunka ya san inda zai tsaya, amma takardar nan ba don kai ake yin ta ba, don yaron da ya zo wata huɗu da suka wuce ne. Wanda ke da halin sayen mai awo ya saya. Wanda ba shi da hali ga abin da ba ya cin ko sisi: a jera daidai, lag ya kwanta kai tsaye a kan batir babu komai a tsakaninsu, sannan washa shimfiɗaɗɗiya, sannan mai tsaga, sannan noti. A ɗaure har washa mai tsaga ta kwanta, a kama lag a gwada karkaɗa shi hagu da dama, in ya motsa bai yi ba. Duk notin da aka gama da shi a ja masa layi da maka daga kansa zuwa jikin lag. Amfanin layin biyu ne, wanda ba shi da layi ka san ba a duba shi ba, in kuma ka dawo bayan wata ka ga layin ya goce ka san ya saki.

Yaron_Shago: Iyayen gida ku yi haƙuri in faɗi namu ɓangaren mu yara. Ba wai ba ma son dubawa ba ne. Ana tura mu wuri biyu wani lokaci uku a rana ɗaya, kaya ba sa isowa sai azahar, kafin ka gama ɗaura fanel ka sauko magariba ta kawo kai, mai gida na tsaye a kanka yana cewa a kunna masa, Oga na kira a waya kun gama ko ba ku gama ba. In ka ce saura gwaji sai a ce kai ne mai nawa. Kuma kuɗin aikinmu sai an ce an gama ake ba mu, to wa zai ce bai gama ba ya koma gida hannu rabbana? Sannan kilam mita ɗaya ce a shagon kuma tana jakar Oga. In za a yi takarda a sa mana lokacin cika ta a cikin aikin don Allah.

Sola_Dorayi: Ƙanena maganarka ta shige ni, don ranar nan ni ma sau uku na kira su. Na karɓa.

Auta_Sola: Kuma a duba irin kilam mitar. Yawancin masu arahar nan amfiyar AC kawai suke karantawa, ka maƙala a wayar batir ta nuna maka sifili ko wani shirme. Sai wadda aka rubuta DC A a jikinta, ita ma sai ka danna ZERO kafin ka maƙala.

Dan_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin da ya gyara muna aiki shi ne mun hana alamar "eh" a takarda. Da can yaro zai zauna a mota ya bi layi goma sha biyar ya yi musu alama duka cikin minti ɗaya. Yanzu kowane layi lamba ake rubutawa. Ba a tambaya "ka auna fanel?", ana tambaya "nawa ka samu?". In fanel shida ne a jere kowane Voc ɗinsa, wato boltejin da yake bayarwa in ba a jona shi da komai ba, wajen 49V, ina jiran in ga wani abu tsakanin 265 da 295 gwargwadon zafin rana. In ya rubuto mini 225 na san ɗaya bai shiga layin ba, in ya rubuto wajen 180 na san an juya ɗaya baibai yana cinye na ɗan uwansa, tun ina zaune a shago zan ce mishi koma bisa. Lamba tana da wuyar ƙirƙira ga wanda bai auna ba, kuma muna haɗawa da hoton mita tana maƙale a wurin.

Hajiya_Ofis: Wannan haka yake Malam. Mu ma hoto huɗu muke karɓa, kan batir kusa-kusa yadda za a ga jerin washa, allon setin batir, mita a kan wayar fanel, da lambar jikin inbata da ta batir saboda waranti. Hoton fitila a kunne ba ma karɓa sam.

Mai_Waya_Zariya: To ai ni ma ina auna fanel, amma duk da haka na taɓa ƙona caja. Inbata ce irin ta da mai karɓar 145V, na jera fanel 550W uku uku, na auna da rana tsaka a watan Afrilu na samu 134V na ce alhamdulillah akwai sauran wuri. Ta yi aiki lafiya har damina ta wuce, sanyi na shigowa wata safiya a Disamba ɓangaren cajin ya tafi. Har yau ina zargin kayan ne ba su da kyau.

Baba_Injiniya: Ba kayan ba ne ɗana. Juya fanel ɗin ka karanta takardar bayansa, Voc wajen 49.5V za ka gani, sau uku 148.5V, ka riga ka haura 145 tun a takarda. Wancan adadin a zafin digiri 25 aka auna shi. Fanel in ya yi zafi boltejinsa sauka yake, in ya yi sanyi ya hau, kusan kashi 0.27 cikin ɗari a kowane digiri. A rufin kwano a Afrilu fanel na kai digiri 60, shi ya sa mitarka ta nuna 134. Da safiyar hunturu rana ta fito fanel na da sanyi ga shi ba a fara jan wuta ba, sai ya ba da cikakken ƙarfinsa har da ƙari. Don haka a wannan layin mita kaɗai ba ta isa ba, lamba uku za a rubuta: Voc na takarda sau yawan fanel, iyakar da aka rubuta a jikin inbata, da abin da mita ta nuna. Ni ina barin ratar kashi 10 cikin ɗari tsakanin na farko da na biyu, mutanen Jos su bar fiye da haka. Kuma wannan tun kafin a jona ake yin sa, in an jona an makara.

Mai_Waya_Zariya: Ikon Allah. Shekara biyu ina ɗora wa mai kaya laifi. Na gode Baba.

Sola_Dorayi: To daga abin da na tsinta takardar gida biyu za ta zama ke nan. Kafin a kunna: ja da baƙi na batir da na fanel da mita, lissafin Voc da iyakar inbata, jan kowace waya da kowane MC4 mai haɗa wayoyin fanel, jerin washa da layin maka, a tabbatar birekar fanel da ta batir na DC ne ba na AC ba, wayar atin ta kama jikin inbata da ƙarfen fanel. Bayan an kunna: gwajin lodi a kan batir kaɗai da lambobinsa biyu, amfiyar da fanel ke bayarwa, canjoba. Me na bari?

Auta_Sola: Setin batir Oga, shi ne wanda aka fi mantawa don ba a ganin sa da ido. Irin inbatar nan da ta cika kasuwa daga kwali a kan setin batirin AGM take zuwa, cajinta 56.4V, tana kashewa a 42.0V. Ka ɗora mata lithiyam ka bar ta haka za ta yi aiki kamar ba komai, amma 42V ya yi ƙasa da yawa, kafin inbata ta kashe, BMS, wato na'urar da ke kare batirin daga ciki, ya riga ya yanke, batir ya yi barci, da safe kwastoma ya kira ka wai komai ya mutu ɗif. Sai a mai da ita USE a sa lambobin da takardar batirin ta faɗa, ko in akwai wayar sadarwa a jona a ga kason caji ya fito a allo. Kuma a ƙirga, akwai lithiyam mai sel 16 wato 51.2V akwai mai sel 15 wato 48V, ka sa wa mai 15 setin mai 16 kullum BMS zai riƙa yanke caji.

Sifana_Goma: Kun ga abin da nake gudu ko. Daga layi uku an kai sha biyu, gobe a kai talatin. Takardar da ta wuce tafin hannu ba yaron da zai karanta ta, a aljihu za ta kwana.

Dan_Maradi: Nan kam ina bayanka Malam Sifana. Tamu ta taɓa kai layi ashirin da bakwai, har da "an share wuri" da "an gaida mai gida". Muka zauna muka ce duk abin da in an manta shi mai gida zai gani da idonsa ya yi magana a cire shi, a bar wanda ba ya ganuwa sai ya yi ɓarna. Ta dawo goma sha ɗaya. Kuma ba ma ƙara layi sai in wani abu ya faru da mu da gaske, kamar yadda washa ta faru da Sola_Dorayi.

Hajiya_Ofis: Amma bayanin da ake wa mai gida kada a cire shi don Allah, rabin kiran da nake amsawa daga nan yake. Batir ɗaya 100Ah yawanci BMS ɗinsa 100A ne iyaka, mutum ya ji an ce 5kVA sai ya haɗa famfon ruwa da guga da esi lokaci ɗaya da dare, abu ya yanke ya ce an sayar masa da jabu. A nuna masa abin da zai haɗa da wanda ba zai haɗa ba, a nuna masa birekar da zai kashe in ya ji wari, kuma a nuna wa matar gidan ma don ita ke wuni da kayan. Sannan ya sa hannu.

Yaron_Shago: Tambayata ita ce wa zai cika takardar, ni da na yi aikin ko wani? Don ni in na ɗaure noti a raina na riga na ɗaure, ko na sake dubawa abin da nake tsammani zan gani.

Baba_Injiniya: In ku biyu ne ku yi musaya, wanda ya yi rufi ya duba ƙasa, wanda ya yi ƙasa ya hau rufi. Ɗaya na karanta layin da baki ɗaya na aunawa yana faɗin lamba.

Sifana_Goma: Ni ban yarda da wannan ba Baba, da girmanka. In ka ce wani zai duba, na farko sai ya saki jiki ya ce ai za a duba, na biyu kuma ya ji kunyar tona abokinsa balle in abokin ya girme shi a shago. Ƙarshe ba wanda za ka kama. Ni wanda ya yi aiki shi zai sa hannu, in ya lalace na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Dan_Maradi: Mu duka biyun suke sa hannu, amma gsky abin da Sifana ya faɗa na kunya yana faruwa, ƙaramin yaro ba ya iya ce ma babba notinka bai ɗauru ba. Ban samo maganin wannan ba tukuna in ban da hoton da ke zuwa wurina.

Abban_Sadik: Na duba ruwan batiran kamar yadda aka ce, biyu sun yi ƙasa sosai har farantin ya fito. Wanda ya haɗa min bai taɓa ce min ana ƙara ruwa ba wlh.

Hajiya_Ofis: Kun gani ko. Abban Sadik ruwan batir za ka saya na kanti, kada ka zuba na famfo ko na leda, kuma kada ka ƙara asid. Amma tunda farantin ya riga ya sha iska ka sa a gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa biyun sun raunana.

Sola_Dorayi: Saura matsalar da Yaron_Shago ya taso da ita, aikin da aka gama da magariba. Ba rana ba za a ga amfiyar fanel ba, in kuma babu wutar NEPA ba za a gwada canjoba da caji ba, wani layin sai ya kwana biyu ba a kawo ba. Abin da nake tunani in ƙara matsayi na uku a littafina, bayan "ana kan yi" da "an gama" a samu "an kunna, saura gwaji", a rubuta gwajin da ya rage da ranar komawa. Yara su karɓi kaso mafi yawa na kuɗinsu a ranar, ragowar in takarda ta cika. Kuma zan sayi kilam mita ta biyu.

Auta_Sola: Komawar tana da wani amfanin ma, ka je wajen ƙarfe uku zuwa huɗu ka ga inda inuwar tankin ruwa ko dish take faɗawa. Da safe rufi fes, da yamma inuwa ta rufe fanel ɗaya ta ja layin gaba ɗaya ƙasa. Canjoba kuma ana iya gwada ta da janareto in gidan akwai, abin da ake so a gani shi ne in an koma kan inbata a auna ɓangaren da ke zuwa mitar NEPA a ga babu wuta ko kaɗan, don kada ta koma kan layi ta kama mai gyara a kan falwaya.

Mai_Waya_Zariya: Janareto ba kullum yake yi ba Auta, ƙananan nan wutarsu na rawa inbata sai ta ƙi karɓa, ka zauna kana neman laifin da babu. Canjoba dai za ka gwada da shi, amma caji ni sai na ga wutar layi nake yarda.

Sifana_Goma: Kuma kuɗin man komawa wa zai biya? In aikin a Bichi ne ko Wudil fa? Kwastoma ba zai ƙara ko naira ba.

Sola_Dorayi: A cikin gari zan sa shi cikin kuɗin aiki tun farko. Na nesa ne ban san yadda zan yi ba, ko dai a riƙa kwana a can a gama da safe, ko a sa mai gida ya turo hoton allo da rana tsaka, duk da hoton allo ba zai nuna min inuwar yamma ba. Ranar Asabar akwai aiki a Kabuga zan fara gwada takardar a can in ga minti nawa take ci. Dan_Maradi don Allah turo min taku mai layi goma sha ɗaya in kwatanta da tawa.

Dan_Maradi: To in na koma shago da marece zan ɗauko hotonta, da Faransanci take amma zan rubuta maka Hausar kowane layi a gefe. Tamu tana cin kamar minti arba'in har da gwajin lodi, sai dai babu layin washa a ciki, yau zan ƙara shi.